Na shanya mutane a ganawa, yaya zan ba da haƙuri ta imel in nemi wani lokaci?

*Tambaya: Jiya Talata, 12 ga wata, ina da ganawa ta bidiyo ƙarfe 10 na safe da shugabar sashen saye ta wani kamfani da muke son ya riƙa karɓar kaya a wajenmu. Ni kuwa 11 na rubuta a littafina. Ita da abokan aikinta biyu suka jira ni har suka gaji suka fita. Yau Laraba ga shi ban ce komai ba, kunya ta hana ni. Me zan rubuta mata, kuma ta yaya zan nemi ta sake ba ni lokaci ba tare da na zama mai naci ba?*

Ɗan'uwa, kafin komai, wasiƙar nan ta fita yau, kafin a tashi daga aiki. Na yi shekaru ina riƙe da kalandar shugabanni a ofis, ni ke sa ganawa ni ke ɗage ta, kuma wasiƙun ban haƙuri irin wanda kake son rubutawa sun ratsa ta hannuna ba adadi. Abin da na lura da shi shi ne rashin zuwan kansa bai cika kashe magana ba. Duk mai yawan ganawa ya taɓa saɓa lokaci, ita ma Hajiyar na tabbata ta taɓa. Shirun da ke biyo baya shi ne ke yin ɓarna, domin a cikin shirun ne mutum ke fassara abin da ya faru da kansa. Awa ɗaya bayan ganawar tana iya cewa wataƙila wani abu ya same ka. Bayan kwana ɗaya ta fara cewa ba ka ɗauki abin da muhimmanci ba. In aka kai kwana uku ta gama yanke hukunci, ta yiwu ma ta riga ta kira wani mai kawo irin kayanku. Kana a mataki na biyu yanzu, har yanzu da gyara.

Ka riƙe abu ɗaya a zuciyarka yayin da kake rubutun: wasiƙar ba don ta sauke maka nauyin kunya ba ce, don ta sauƙaƙa wa wadda ka shanya ne. Ka riga ka ci mata lokaci sau ɗaya. Duk jimlar da za ta sa ta karanta dogon labari, ko ta lallashe ka, ko ta zauna tana laluben ranar da ta dace da kai, cin lokaci ne karo na biyu. Da wannan ma'aunin za ka auna kowace kalma.

Fara da inda wasiƙar za ta shiga. Kada ka buɗe sabon saƙo. Ka nemo saƙon da kuka yi maganar ganawar a cikinsa, ko takardar gayyatar da ta zo daga kalanda, ka amsa a kansa, domin idan ta buɗe ta ga tarihin maganar a ƙasa ba sai ta tsaya tunanin wane ne kai ba. Mai irin muƙaminta tana iya ganawa da masu kawo kaya biyar a mako guda, kada ka ɗauka sunanka kaɗai zai tuna mata. Tunda mutum uku ne suka jira ka, Reply All za ka danna, ba Reply ba. Mutane da yawa suna kuskure a nan, su ba shugaba haƙuri su manta da na ƙasa da ita, alhali sau da yawa waɗancan biyun ne za su duba samfurin kayanka su rubuta rahoto. Idan sakatariyarta ce ta shirya ganawar tun farko, ka tabbata tana cikin layin Cc, don ita ce za ta sake buɗe maka gurbi a kalanda. Amma ka duba sunayen da ke cikin saƙon kafin ka aika. Idan akwai wani babban darakta da aka sa tun farko don a sanar da shi kawai, bai kuma halarci ganawar ba, cire shi ba laifi ba ne; ba sai ka kai ƙarar kanka inda ba a tambaye ka ba.

Layin Subject kuma ka gyara shi kaɗan ya faɗi abin da ke ciki, misali: Ban haƙuri kan ganawar Talata 12 ga wata, da neman wani lokaci. Sai dai ka sani a wasu manhajojin, Gmail na cikinsu, canza wannan layi yana raba saƙon da jerin da yake ciki ya zama kamar sabo. Ba matsala ba ce matuƙar tsohon rubutun yana nan a ƙasa. In kana shakka, bar layin yadda yake, jimlarka ta farko ta yi aikin.

Bari in nuna maka irin wasiƙar da kunya ke sa mutum ya rubuta, domin na tabbata wani abu mai kama da ita yana yawo a kanka:

> Ranki ya daɗe, ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali. Wallahi ban san ta inda zan fara ba. Tun jiya na kasa sukuni saboda abin da ya faru. Makon nan ayyuka sun yi mini yawa ƙwarai, ga netwok yana ta ba mu matsala, sannan kuma an samu ɗan ruɗani game da lokaci. Idan hakan ya ɓata miki rai ina neman afuwa. Don Allah ki yi haƙuri, ki yi haƙuri, ba halina ba ne. Duk lokacin da kika ga ya dace ni a shirye nake.

Wannan wasiƙa tana da ladabi, amma kusan kowace jimla a cikinta tana aiki ne don marubucin. Rashin sukuninsa ya zo kafin lokacinta da ya ɓata. Ya kawo dalili uku, kuma dalili uku sun fi ɗaya rauni, don mai karatu yana jin kame-kame ne. "An samu ruɗani" ba ta da mai aikatawa, kamar ruɗanin daga sama ya faɗo, har tana iya jin ana shafa mata laifin. "Idan hakan ya ɓata miki rai" ta mayar da matsalar kan ranta maimakon kan abin da aka yi mata. Mutum uku sun zauna suna kallon allo, babu wani "idan" a ciki. "Ba halina ba ne" kuwa magana ce da ba ta da hanyar tabbatarwa, tunda abin da ta sani na halinka kawo yanzu shi ne jiya. Sai jimlar ƙarshe, wadda ta fi kowace kama da kirki amma ta fi kowace nauyi, zan dawo kanta.

Ga wadda zan aika da a ce ni ne kai:

> Ranki ya daɗe Hajiya, da sauran abokan aiki,
>
> Ina ba ku haƙuri kan rashin halartata ganawarmu ta jiya Talata ƙarfe 10. Kuskuren daga gare ni ne: 11 na rubuta a wajena maimakon 10. Na san ku uku kuka ware lokacin kuka jira ni, kuma ya kamata a ce tun jiya kun ji daga gare ni.
>
> Idan har yanzu da hali, ina so mu yi ganawar, minti 30 kamar yadda aka tsara. Na ware waɗannan lokuta: Alhamis 14 ga wata ƙarfe 3:00 na yamma, Litinin 18 ga wata ƙarfe 10:00 na safe, ko Talata 19 ga wata ƙarfe 2:30 na rana. Wanda kuka zaɓa zan aiko da gayyata a kalanda. In babu wanda ya yi muku, ku faɗi naku, zan gyara nawa tsarin.
>
> Na haɗa da takardar bayanin kayan da na yi niyyar gabatarwa, shafi biyu ce. Idan kun fi son ku duba ta tukuna kafin ku ga ko akwai buƙatar ganawa, hakan ma ya yi.
>
> Na gode.

Sunanka, kamfaninku da lambar wayarka su biyo a ƙasa. Gaba ɗayanta ba ta kai kalma 200 ba, ana karanta ta a waya ba tare da an ja allo sau da yawa ba. Yanzu bari mu bi ta a hankali, don idan ka san dalilin kowane sashe za ka iya sauya kalmomin su dace da bakinka.

Ban haƙurin ya zo a jimlar farko, sau ɗaya, tare da rana da lokaci. Na san tarbiyyarmu tana son a fara da doguwar gaisuwa, kuma a yawancin wasiƙu ban hana ba. A nan dai gaisuwar ta tsaya a layin farko. Wanda aka shanya idan ya buɗe saƙo ya ga ana tambayarsa ya iyali, ji yake kamar ana zagaye-zagaye. Maimaita "ki yi haƙuri" sau huɗu kuma ba ya ƙara wa haƙurin nauyi, sai dai ya tilasta mata ta amsa da "ba komai, kada ka damu", wato ta koma ita ke rarrashinka.

Batun dalili shi ne inda na fi son in daɗe, don a nan ne mutane ke jefa kansu cikin rami. Dalilinka ba mai daɗin faɗa ba ne, kuskuren alƙalami ne kawai, kuma zuciya za ta raya maka ka ce netwok ne ya ɗauke ko wani uzuri na gaggawa ya taso. Kada ka yi. Na farko, ƙaryar netwok ba ta da ƙafa: wanda intanet ya yanke masa yana da waya, zai iya kira ko ya tura gajeren saƙo cikin minti biyar, saboda haka tambayar da za ta zo mata ita ce me ya hana ka yin hakan har kwana guda. A ganawar bidiyo kuma mai masauki yana ganin wanda ya yi ƙoƙarin shiga, ko a Zoom ne ko Google Meet ko Teams. Sun san ba ka ƙwanƙwasa ba. Na biyu, ƙaryar rashin lafiya ko rasuwa tana da ɗawainiya. Na taɓa ganin wani mai neman kwangila ya rubuto wa maigidana cewa ɗansa ne aka kwantar a asibiti. Maigidan ya tausaya, ya ba shi wani lokaci. Ranar da suka haɗu, abin da ya fara tambayarsa shi ne ya jikin yaron, sai mutumin ya yi turus ya ce wane yaro. Ganawar ba ta yi minti goma ba. Da cewa ya yi mantawa ya yi, da an wuce wurin tun a imel.

Gaskiya a jimla ɗaya ta wadatar, kuma tana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Matar nan aikinta saye ne. Abin da take auna masu kawo kaya da shi, bayan farashi da inganci, shi ne yadda suke yi ranar da abu ya lalace: mota ta makara, kaya sun zo ba daidai ba, an yi kuskure a rasit. Wasiƙarka ita ce samfurin farko da za ta gani na yadda kake idan ka yi kuskure. Wanda ya ce "11 na rubuta maimakon 10, laifina ne" ya nuna mata cewa ranar da kaya suka makara zai faɗa mata gaskiya da wuri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajen mai saye.

Akwai iyaka ga wannan shawara. Idan dalilin na sirri ne, kamar rashin lafiyar da ba ka son bayyanawa ko matsalar gida, ba dole ka zayyana ba. "Wani uzuri na gida ya taso mini ba shiri" ya isa, matuƙar gaskiya ne. Idan kuma kuskuren na wani ne a ofishinku, misali abokin aikinka ne ya ba ka lokacin da ba daidai ba, kada ka ambaci sunansa. Ka ce "kuskuren daga ɓangarenmu ne". Ita da kamfaninku take hulɗa, rabon laifi a cikin gida ba nata ba ne.

Ka lura kuma na sa "ya kamata a ce tun jiya kun ji daga gare ni". Laifi biyu ne a wuyanka yanzu, rashin zuwa da jinkirin magana, kuma na biyun ta lura da shi ko ba ta faɗa ba. Rabin jimla ya ishe shi. Ba sai ka bayyana cewa kunya ce ta hana ka ba.

To, mu koma kan "duk lokacin da kika ga ya dace". A baki wannan girmamawa ce. A imel kuwa aiki ne ka miƙa mata: ta buɗe kalandarta, ta duba ta abokan aikinta biyu, ta zaɓo rana, ta rubuto maka, sannan wataƙila ka ce ranar kana da tafiya, a sake sabon zagaye. Saƙon da ke buƙatar irin wannan aiki shi ake cewa "zan amsa anjima", anjiman kuma ba ta zuwa. Idan ka ba ta lokuta uku, amsarta kalma biyu ce: "Litinin ta yi." Uku nake so. Ɗaya tilo yana kama da umarni, kuma wanda ya saɓa alkawari ba shi da bakin ba da umarni. Shida ko bakwai kuma sun koma wani aikin tantancewa. Ka raba su a ranaku daban-daban da sassan yini daban-daban, safe da rana, don mai yiwuwa duk safiyoyinta a cike suke da zaman cikin gida. Na sa ɗaya kusa, gobe Alhamis da yamma, don ta ga da gaske kake; amma ban sa yau ba, ban kuma sa gobe da sassafe ba, saboda haɗa mutum uku yana son aƙalla kwana guda. Na kuma sa ƙarfe 10 na safe a cikin zaɓin da gangan, tunda lokacin da ta zaɓa da kanta ke nan a karon farko, alama ce cewa yana yi mata daɗi.

Kowane lokaci ka rubuta shi cikakke: sunan rana, kwanan wata, awa, da safe ko yamma. Kada ka rubuta "gobe" ko "jibi" su kaɗai, don ba ka san ranar da za ta buɗe saƙon ba. Kada kuma ka rubuta kwanan wata da lambobi zalla irin 4/5, domin a Amurka wannan 5 ga Afrilu ne, a Birtaniya da ƙasashe da yawa kuma 4 ga Mayu. Sannan ka buɗe kalanda ka tabbatar sunan ranar ya dace da lambar. Babu abin da ya kai ban kunya kamar wasiƙar ban haƙuri kan kuskuren lokaci ta zo da "Litinin 19" alhali 19 Talata ce. Na ga an yi, ba sau ɗaya ba.

Ba ka faɗa mini ko ƙasa ɗaya kuke da ita ba. Idan ba ɗaya ba ce, ka rubuta lokutan da agogonta, ka kuma faɗi haka ƙarara, "da agogonku". Bambancin awa ɗaya cif irin naka sau da yawa daga nan yake fitowa, musamman a watannin da wasu ƙasashe ke tura agogonsu gaba ko su dawo da shi baya. Ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya suna turawa gaba ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka kuwa tana turawa Lahadi ta biyu a Maris, ta dawo Lahadin farko ta Nuwamba. Saboda haka tazarar Landan da New York, wadda aka saba da ita awa 5, takan koma awa 4 na mako biyu ko uku a Maris, da mako ɗaya a ƙarshen Oktoba. Wanda ke ƙasar da ba a taɓa agogo, ya haddace cewa tsakaninsa da abokin hulɗarsa awa kaza ne, sai ya wayi gari lissafin ya canza bai sani ba. In wannan ne ya faru da kai, faɗa a jimla ɗaya, amma har yanzu a matsayin kuskurenka, don gayyatar kalanda tana juya lokaci zuwa agogon kowa da kanta. Wanda ya kwafa da hannu shi ya kauce.

Wannan ya kawo mu ga littafinka. Ban raina littafi ba, ni ma ina da shi, amma ba ya ƙara. Da zarar ka aika wasiƙar, ka toshe lokutan nan uku a kalandar wayarka ko kwamfutarka, kada wani abu ya shiga cikinsu har sai ta amsa. Tayin lokacin da kai kanka ba ka riƙe ba tarko ne kake ɗana wa kanka: ta zaɓi Litinin, ka dawo kana cewa Litinin ta cika, shi ke nan ka saɓa sau biyu. Idan ta zaɓa, ka saki sauran biyun, ka aika gayyatar nan take da mahaɗin shiga a ciki, ka sa wa kanka tuni biyu, ɗaya kwana guda kafin ranar, ɗaya minti 15 kafin lokacin. Abin da ba na so shi ne ka aika gayyatar kalanda kafin ta amince. Wasu suna yi don nuna himma, amma a wajen mai karɓa kamar ka shiga ofishinta ne ka ja kujera ba a ce ka zauna ba. Haka maɓallin Propose a new time da ke Google Calendar, ko Propose New Time a Outlook, an yi shi ne don ɗage ganawar da ba a kai ga yi ba. Ba ya maye gurbin ban haƙuri. Mahaɗin shafin da mutum ke zaɓar lokaci da kansa, irin na Calendly, shi ma ka ajiye shi wannan karon. A ranar da ba laifi yana da amfani, amma wanda ya shanya mutane ba ya ce musu su zo su yi layi a kalandarsa.

Sakin layi na ƙarshe, mai takarda shafi biyu, shi ne amsar damuwarka game da naci. Naci shi ne ka bar wa mutum ƙofa ɗaya tak, wadda kake so. A nan ka ba ta hanya ta biyu da ba ta cin lokacin mutum uku, ka kuma nuna cewa in ta ga ba sai an gana ba, ba za ka riƙe ta ba. "Idan har yanzu da hali" ma aikin da take yi ke nan: ta amince cewa sake ba ka lokaci alfarma ce, ba haƙƙinka ba. Takardar kuma ta kasance a shirye take da gaske, a tsarin PDF, gajera, ka buɗe ta ka tabbatar ita ce ka liƙa kafin ka danna Send. Idan ba ka da irin wannan takarda, kada ka ɓata yinin yau wajen haɗa ta har wasiƙar ta kwana. Cire sakin layin ka aika sauran. Kada kuma ka yi tayin ragin farashi ko wata kyauta a matsayin diyya. Minti talatin aka ɓata, ba kaya aka lalata ba, kuma mai saye da ta ga ka fara rage kuɗi tun kafin a zauna ta gane inda za ta matsa.

Wani zai ce me ya sa ba za a kira ta a waya ba kawai. Da a cikin awar farko ne, kuma kana da lambarta ta hanyar da ita ta ba ka, da kira ko gajeren saƙo ya fi, sannan imel ya biyo baya da lokutan. Bayan kwana guda, da wadda ba ku saba ba, kira yana tsare ta ne ta amsa nan take ko tana cikin wani aiki, kuma bai kai ga sauran biyun ba. Imel yana ba ta damar ta huce ta amsa a lokacinta. In akwai sakatariya, ita za ka iya kira bayan ka aika, ka ba ta haƙuri ita ma, ka ce ga saƙo nan ka turo. Mu masu riƙe kalanda muna tuna wanda ya ba mu haƙuri, don mu ne muka sha tambayar "ina mutumin naki?"

Akwai mutum ɗaya kuma da ya kamata ya ji yau: shugabanka, idan ya san da ganawar. Ka faɗa masa da bakinka, tare da cewa ka riga ka aika ban haƙuri da sababbin lokuta. Ya ji daga gare ka da gyaran a hannu ya fi ya ji daga wancan kamfanin.

Bayan ka aika, amsar za ta zo da ɗaya daga cikin fuskoki kaɗan. Idan ta zaɓi lokaci, ko da a taƙaice ne babu ko gaisuwa, an karɓi haƙurinka. Ka amsa da godiya a layi ɗaya da gayyata, kada ka sake buɗe babin ban haƙuri. Idan ta ce za su duba takardar su tuntuɓe ka, ƙofa ba ta rufe ba amma an mayar da kai baya a layi. Ka ce to, ka bar su kamar mako guda. Idan ta haɗa ka da ɗaya daga cikin na ƙasa da ita, kada ka ɗauke shi raini, ka gana da shi da irin shirin da za ka yi mata. Idan kuma shiru ne, ka jira kwanakin aiki uku. Ka aika Laraba, saboda haka Litinin 18 da rana ko Talata da safe za ka sake taɓa ta, a kan saƙon nan dai, da layi biyu: kana bibiyar saƙonka na Laraba, lokutan farko sun wuce ko suna gab da wucewa, ga wasu biyu sababbi. Ba sabon ban haƙuri a ciki, ba kuma "ban ji daga gare ki ba", wadda ke ɗauke da ƙamshin zargi. Wannan bibiya sau ɗaya ce. In ita ma ta tafi shiru, ka ɗauka amsar ke nan a yanzu, ka saki lokutan da ka toshe, sai bayan wata ɗaya ko biyu idan kana da sabon abu na gaske da za ka nuna, sabon kaya ko sabon tsarin kawowa, ka rubuto a kansa ba tare da ka tono tsohon zance ba.

Ranar da aka sake sawa, ka shiga minti biyar kafin lokaci, ka gwada sauti da kyamara, takardunka a buɗe. Idan sun shigo, jimla ɗaya: "Na gode da kuka sake ba ni lokaci, ku yi haƙuri da na ran Talata." Za su ce ba komai. Daga nan sai ka shiga maganar kaya, ka kuma sa ido a agogo ka gama a minti 25 cikin 30 ɗin da ka nema.